Ƙwallon bayan isha'i da barcin da asuba ke jira

A Zariya, lokacin motsa jiki da kowa ya taso ya tarar shi ne bayan la'asar. Daga Samaru har Tudun Wada da cikin Birni, da zarar rana ta yi sanyi filaye sun cika, kuma kiran sallar magariba ne ke tashin wasa ko alƙali bai busa ba. Babu wanda ya taɓa zargin wannan da hana barci. Abin da ya sauya shi ne yadda mutane da yawa ba su da wannan lokacin yanzu. Ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello yana aji har yamma, mai shago a Sabon Gari ba ya rufewa sai magariba, ma'aikacin da ke dawowa daga Shika ko Kaduna sai dare ya isa gida. Sai ƙwallo da ɗaga ƙarfe da gudu suka koma bayan isha'i, musamman da aka samu ƙananan filayen da ake kamawa da awa, masu fitila. Nan ne tsohuwar shawarar nan ta likitoci ke tasowa, wadda ta ce kada a motsa jiki da dare domin yana ɓata barci.

Shawarar tana da gaskiya, amma gaskiyarta ƙarama ce, kuma an shimfiɗa ta ta rufe abin da ba ta shafa ba. Abin da ke da tasiri shi ne abubuwa biyu a haɗe: yadda aikin ya yi tsanani, da tazarar da ke tsakanin gama shi da kwanciya. Ƙarfe nawa agogo ya nuna ba shi da wani muhimmanci a kan kansa. Mai gadin da ke kwanciya da hantsi, ƙarfe 10 na dare tsakiyar yininsa ce.

Kafin barci ya ɗauki mutum, zafin cikin jikinsa yana sauka. Da yini yana kusa da digiri 37 a ma'aunin Salsiyos, ya kai ƙololuwarsa da yamma, sannan ya fara sauka awa ɗaya ko biyu kafin lokacin da mutum ya saba kwanciya, har ya kai ƙarshen saukarsa wajejen asuba. Duk saukar ba ta wuce rabin digiri zuwa digiri ɗaya ba, amma ƙwaƙwalwa tana kula da ita ƙwarai. Jiki yana yin wannan ne ta hanyar buɗe ƙananan jijiyoyin jini na tafin hannu da tafin ƙafa, jini mai ɗumi ya taso kusa da fata, zafin ya fita. Shi ya sa uwa ke gane jaririnta na jin barci idan ta taɓa ƙafarsa ta ji ta yi ɗumi. Barci ya fi saurin zuwa a daidai lokacin da zafin cikin jiki ke gangarowa da sauri.

Motsa jiki mai tsanani yana juya wannan baya. Tsoka ba ta iya mayar da duk ƙarfin da take ƙonawa ya zama motsi. Kusan kashi uku cikin huɗu zafi yake zama. Wanda ya yi awa guda yana gudu a fili, zafin cikin jikinsa kan kai digiri 38.5, wani lokaci 39, wato irin abin da za a kira zazzaɓi da a asibiti aka auna shi. Tsayawa kuma ba ta kashe wannan zafin nan take. Kamar tukunyar ƙasa ce da aka sauke daga murhu, wutar ta rabu da ita amma miya na ci gaba da ɓararraka. Yawanci sai an yi awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin jiki ya koma inda yake, idan iska na da sanyi. Idan babu sanyi, abin ya fi haka daɗewa, kuma zan dawo kan wannan, domin nan ne labarin Zariya ya bambanta da na ƙasashen da aka yi bincike a kan wannan batu.

Abu na biyu shi ne zuciya da jijiyoyin da ke sarrafa ta. Jiki yana da tsari biyu da ke aiki ba da umarninmu ba, ɗaya na tashi tsaye da fafutuka, ɗaya na hutu da narkar da abinci. Lokacin wasa na farkon ne ke riƙe da linzami: sinadarin adirenalin mai zaburar da jiki ya ƙaru a jini, zuciya ta yi sauri, ido ya buɗe. Barci kuwa yana buƙatar na biyun ya karɓi aiki. Bayan tafiyar ƙafa ko tuƙa keke a hankali, wannan miƙa aikin ba ya wuce 'yan mintuna. Bayan aikin da ya kai mutum ga haki sosai, yana iya ɗaukar awanni, har a tarar bugun zuciya a cikin barci ya ɗara na sauran darare. Wanda ya taɓa kwanciya bayan wasa mai zafi ya san yanayin: ƙafafu sun mutu da gajiya, amma yana jin bugun zuciyarsa a kunnen da ya ɗora kan matashi, idonsa kuma ƙyam.

Da a ce waɗannan biyun ne kaɗai, da tsohuwar shawarar ta ci gaba da zama a kan kujerarta. Sai dai motsa jiki yana tura barci gaba ta wasu hanyoyin. Yana rage damuwa da ɗaurewar jiki da mutum ya kwaso daga wurin aiki, yana ɗan ƙara yawan barci mai nauyi, kuma saukar zafin da ke biyo bayansa, idan ta zo daidai da lokacin kwanciya, tana taimakawa maimakon ta hana. Saboda haka abu ɗaya ne ke ja ta ɓangare biyu. A awar farko bayan an gama, ɓangaren hanawa ne ke da rinjaye. Daga nan sai ma'aunin ya fara karkata zuwa ɗaya gefen.

Masu bincike sun gwada wannan. A 2019 wasu masana a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan suka tattara gwaje-gwaje 23 da aka yi kan mutane masu lafiya, aka kwatanta daren da suka motsa jiki da yamma da daren da ba su yi ba. A dunƙule ba su ga barci ya lalace ba, har ma barci mai nauyi ya ɗan ƙaru. Wuri guda suka ware: aiki mai tsanani da aka gama ƙasa da awa ɗaya kafin kwanciya, shi kam yana iya jinkirta zuwan barci. A 2021 wata tawaga a Jami'ar Konkodiya ta Kanada ta duba gwaje-gwaje 15 na motsa jiki mai tsanani zalla, ita ma ta ga cewa idan an gama shi awa 2 zuwa 4 kafin kwanciya, barci ba ya rushewa, illa ɗan raguwa kaɗan a matakin barcin da ake yawan mafarki a cikinsa.

Sai kuma 2025, da masana a Jami'ar Monash ta Ostireliya suka fito da wani bincike mai girman gaske. Maimakon ɗakin gwaji, sun yi amfani da bayanan mutum 14,689 masu ɗaura na'urar auna bugun zuciya a hannu, na tsawon shekara guda, darare kusan miliyan 4. Su sun ga illa ta fi abin da na baya suka gani. Aiki mafi tsanani da aka gama awa 2 kafin lokacin barcin da mutum ya saba, ya zo da jinkirin barci na kimanin minti 36 da raguwar tsawonsa da kimanin minti 22, idan aka kwatanta da aiki mara nauyi a wannan lokacin. Abin da aka gama awa 4 ko fiye kafin barci kuwa, komai tsananinsa, bai bar wata alama ba.

Mai karatu zai iya cewa to ai sun saɓa wa juna. A ganina ba su saɓa ba, abin da kowanne ya auna ne daban. A ɗakin gwaji, mutum yana tuƙa keken da ba ya tafiya na minti 30 ko 40, babu abokin hamayya, babu gardamar ƙwallo ta shiga ko ba ta shiga ba, sannan a kashe masa fitila a lokacin da aka tsara, a ɗaki mai sanyi. Yawancin waɗanda aka gwada kuma matasa ne maza da ba su da matsalar barci tun farko. Wannan yana nuna abin da motsa jikin shi kaɗai ke yi wa jiki. Binciken Monash kuwa ya kama rayuwa yadda take, da doguwar gasa, da komawa gida, da cin abinci a makare. Rauninsa shi ne na'urar hannu kintatar barci take yi, kuma bincike irin wannan yana nuna abubuwa biyu sun zo tare ne, ba ya tabbatar da wanne ya jawo wanne. Amma ga mai buga ƙwallon dare a Zariya, shi ya fi kama da halin da yake ciki.

Bari mu bi misali guda daki-daki. Lambobin nawa ne na kwatance, amma duk wanda ke wannan rayuwar zai iya sa nasa a gurbinsu. Matashi ne mai shekara 28, yana da shago a Sabon Gari, yana zaune a Tudun Wada. A daren da ba shi da wasa yana kwanciya ƙarfe 10:30, barci ya ɗauke shi bayan minti 15, ya tashi ƙarfe 5 domin sallar asuba. Barcinsa awa 6 da minti 15 ke nan, wanda ma bai kai awa 7 da ake so baligi ya samu ba. Sau biyu a mako shi da abokansa suna kama fili daga ƙarfe 9 zuwa 10:30, biyar-biyar.

Da farko, wasan nan mai tsanani ne ko matsakaici? Hanyar lissafi ta gama-gari ita ce a cire shekarun mutum daga 220 domin a kintaci iyakar bugun zuciyarsa a minti. Nasa 192 ke nan. Abin da ya wuce kusan kashi 77 cikin 100 na wannan, wato bugu 148, ya shiga sahun mai tsanani. Ƙwallon ƙaramin fili takan riƙe ɗan wasa sama da kashi 80 a yawancin lokacin, domin babu inda za ka laɓe ka huta kamar a babban fili. Ƙwallo na dawowa gare ka kowane ɗan lokaci. Wanda ba ya son lissafi yana da ma'auni mafi sauƙi: idan kana iya hira da cikakkiyar jimla kana cikin aikin, matsakaici ne, idan ba ka iya wuce kalma biyu ko uku sai ka ja numfashi, ya yi tsanani. Matashinmu a fili abin da kawai yake iya cewa shi ne "ba ni!" da "koma baya!".

An tashi ƙarfe 10:30, daidai lokacin da jikinsa ya saba kwanciya. Kafin a gama musu, a haɗa kuɗin fili, ya hau babur ya isa gida, 11 ta yi. Wanka da cin abinci sun kai shi 11:30, ya ɗan duba waya, ya kwanta 11:45. Tazarar da ke tsakanin tashi daga wasa da kwanciya awa ɗaya da kwata ce, wato zafin jikinsa bai daɗe da fara daidaita ba, bugun zuciyarsa kuma bai gama sauka ba. Maimakon minti 15, sai ya yi minti 35 yana juyi. Barci ya zo 12:20. Ladan kuwa ba ya ɗaga kiran salla saboda wani ya buga ƙwallo. Ƙarfe 5 ya tashi da barcin awa 4 da minti 40.

Ya yi asarar minti 95. Abin lura shi ne yadda asarar ta kasu. Minti 20 kacal ne za a ɗora wa zafin jiki da adirenalin. Sauran minti 75 ɗin agogo ne kawai ya ci su, domin lokacin da ya kamata yana kwance yana kan hanya ko yana banɗaki. Mutane sukan tsaya suna muhawara kan ƙaramin kason su manta da babban. Ko da za a samu wata dabara da za ta sanyaya jikinsa nan take, zai tashi da barcin awa 5 ne.

Akwai kuma bambanci a irin barcin da ya rasa. Barci yana tafiya zagaye-zagaye, kowanne kimanin minti 90. Zagayen farko-farko su ne ke ɗauke da barci mai nauyi, wanda tsoka ke farfaɗowa a cikinsa, na ƙarshe-ƙarshe kuma su ke ɗauke da barcin mafarki, mai alaƙa da riƙe karatu da daidaita yanayin zuciya. Idan dare ya gajarta, jiki yana fara biyan kansa da mai nauyin, sai na mafarkin ya sha kashi. Shi ya sa matashin zai iya tashi ba tare da ciwon jiki sosai ba, amma da hantsi ya ga yana saurin fushi da masu ciniki, ko yana maimaita lissafin canji. Wanda ke da halin komawa barci na awa ɗaya bayan asuba yana maido da wani abu daga ciki, domin barcin safiya yana da yawan mafarki. Ɗalibin da ke da darasi ƙarfe 7 ko 8 ba shi da wannan gatan.

Yanzu a matsar da wasan. Sallar isha'i a Zariya tana kamawa tsakanin 7:30 da 8 da 'yan mintuna, gwargwadon lokacin shekara. Idan suka kama fili 8:20 suka tashi 9:20, awa guda maimakon ɗaya da rabi, zai isa gida kafin 10, ya kwanta 11. Tazarar ta zama awa ɗaya da minti 40, asarar agogo ta sauka zuwa minti 30, juyi a kan gado kuma zai ragu. Idan da zai samu wasan bayan la'asar, a tashi da magariba, to ya samu tazarar awa 4 ɗin nan da ko binciken da ya fi tsaurarawa bai ga komai ba. Idan kuma dole sai ƙarfe 9 zai samu kansa, sai ya sauya nau'in aikin: tafiya da sauri, sassarfa wadda yake iya hira a cikinta, ko ɗaga ƙarfe mara nauyi sosai da hutu tsakani. Waɗannan ko an gama su awa ɗaya kafin kwanciya ba su cika taɓa barcin mai lafiya ba. Wasan gasa sai a bar shi ga daren da gari zai waye babu aiki.

Na ce zan dawo kan zafin gari. Fatar mutum tana kusa da digiri 33 zuwa 35. Muddin iskar ɗaki ta fi fata sanyi sosai, zafi yana fita da kansa. Idan iskar ta matso kusa da zafin fata, hanya ɗaya ta rage, ita ce bushewar gumi. A watan Disamba da Janairu, da hunturu ke saukar da sanyin dare ƙasa da digiri 15 a wasu ranaku, wanda ya tashi daga fili jikinsa ya huce tun kafin ya kai gida, har ya nemi rigar sanyi a kan babur. A Maris da Afrilu kuwa, rana takan doshi digiri 40, bulo da kwano su sha zafin yini guda su riƙa sako shi cikin ɗaki har tsakar dare, ga wuta ba tabbas, fanka a tsaye. Mafi muni shi ne ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, gab da faɗuwar damina, lokacin da iska ta ɗauki laima amma ruwa bai sauka ba: gumi yana fita amma ba ya bushewa, saboda haka ba ya sanyaya komai. Zafin ɗaki shi kaɗai yana rage barci mai nauyi da na mafarki, yana kuma ƙara farkawa. Idan aka ɗora masa jikin da bai gama hucewa ba, tazarar awa ɗaya da rabi da ta isa a hunturu ba za ta isa ba. Ni dai shawarata a bazara ita ce a ƙara aƙalla awa guda a kan duk lissafin da ke sama.

Wanka yana taimakawa, amma ba da ruwan ƙanƙara ba. Ruwa mai tsananin sanyi yana sa jijiyoyin fata su tsuke, su kulle zafin a ciki na ɗan lokaci, ga kuma firgitar da yake yi wa jiki ya ƙara wartsakar da shi. Ruwan randa ko na rijiya ya wadatar. A bar jiki da ɗan danshi, a zauna inda iska ke kaɗawa, tsakar gida ko bakin taga, kafin a shiga gidan sauro. A hunturu akasin haka ne ke aiki: ruwa mai ɗumi awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya yana buɗe jijiyoyin hannu da ƙafa, zafin ciki ya fita da sauri bayan an fito, kuma gwaje-gwaje sun nuna yana rage lokacin jiran barci da kimanin minti 10.

Sau da yawa ma ba wasan ne mai laifi ba, abin da ke rakiyarsa ne. Babba a cikinsu kafeyin. Lemon ƙara kuzari da ake sha kafin a shiga fili, ƙaramin gwangwani na mililita 250 yakan ƙunshi kimanin miligiram 80, manyan robobi kuma sun fi haka. Jiki yana ɗaukar kusan awa 5 kafin ya rage rabin kafeyin da ke cikin jini. Wanda ya sha ƙarfe 8:30, da ƙarfe 1:30 na dare rabinsa na nan yana aiki. Kafeyin yana toshe wurin da sinadarin adinosin ke kamawa a ƙwaƙwalwa, shi kuwa adinosin shi ne ke taruwa tun safe yana sa mutum jin nauyin ido. Gajiyar tana nan, saƙonta ne ba ya isa. Garin ƙarin ƙarfi da wasu masu ɗaga ƙarfe ke damawa kafin su fara yakan ninka na gwangwanin sau biyu ko uku. Goro ma kafeyin ne, haka shayin da ake tsayawa sha a teburin mai shayi bayan wasa, musamman mai kauri da aka bar ganyen ya daɗe a ruwa.

Teburin mai shayin yana da wata matsalar. Taliya biyu da ƙwai uku da yaji, ko tsire mai ƙuli da mai, ƙarfe 11 na dare, sannan a kwanta bayan minti 20, hanya ce ta ƙwannafi. Ciki yana son awa 2 zuwa 3 kafin a miƙe a kan gado. Mafita ita ce a raba abincin: a ci na kirki bayan magariba, awa ɗaya da rabi ko biyu kafin wasa, bayan wasa kuma a tsaya kan abu mara nauyi, kamar fura da nono kofi guda ko ayaba. Ruwa ma haka. A zafin bazara ɗan ƙwallo yana iya zubar da lita 1 zuwa 2 na gumi a awa, kuma kowane kilo da ya ragu a sikeli bayan wasa kusan lita guda ce ta ruwa. Idan ya bari sai ya dawo gida ya ɗaga leda huɗu a jere, fitsari zai tashe shi ƙarfe 2. Gara ya shiga fili da ruwa a jikinsa, ya riƙa kurɓa a lokacin wasa, ya ƙarasa sauran da asuba.

Sai haske da tashin hankalin gasa. Fitilun fili masu ƙarfi da hasken waya suna jinkirta fitar melatonin, sinadarin da ke sanar da jiki dare ya yi. Motsa jikin kansa, idan ana yin sa tsakanin ƙarfe 7 da 10 na dare a kai a kai, yana iya ɗan tura agogon jiki baya, abin da ya fi damun masu saurin barci da sammako fiye da 'yan dare. Game da gasa kuwa, ba sai ka taɓa ƙwallo ba. Wanda ya je gidan kallo aka fitar da ƙungiyarsa daga gasar zakarun Turai a minti na 90, wasan da ke tashi wajen 11 na dare a lokacin hunturu, shi ma zai yi juyi a kan gado, alhali bai motsa komai ba sai bakinsa.

Ta yaya mutum zai gane ko nasa motsa jikin ne ke taɓa barcinsa? Da yatsa biyu da agogon waya. A daren da babu wasa, bayan ka kwanta minti biyar, ka ɗora yatsu a wuyan hannu ka ƙirga bugu na daƙiƙa 30 ka ninka biyu. Ka yi haka darare kaɗan ka san lambarka. A ce 64 ce. A daren wasa ka sake. Idan ka tarar da 68 ko 70, jiki ya sauka. Idan ka tarar da 80, ka kwanta da wuri ne a ma'aunin jikinka, ko da agogo ya ce ka makara, kuma zama a iska na minti 20 ya fi maka juyi a kan katifa. Tare da wannan ka riƙa rubuta lokacin kwanciya, da kintacen lokacin da barci ya zo, da sau nawa ka farka, na mako biyu. Sannan ka sauya abu ɗaya tak, misali ka bar lemon kuzarin amma ka ci gaba da wasan a lokacinsa. Idan ka sauya abu uku a tare ka ga sauƙi, ba za ka san wanne ne ya yi aikin ba. Jiran barci da ya wuce minti 30 a daren wasa kaɗai yana nuna wasan ko rakiyarsa. Idan kuwa haka yake ko a daren da babu wasa, sau uku a mako ko fiye har wata uku, wannan rashin barci ne da ke da nasa dalilin, kuma barin ƙwallo ba zai warkar da shi ba; na ganin likita ne.

A watan azumi lissafin yana ƙara matsewa, domin wasa yana komawa bayan tarawihi, tashi kuma yana matsowa zuwa ƙarfe 4 saboda sahur. Wanda ya tashi daga fili 11:30 ba zai samu fiye da awa uku da rabi ba kafin a tashe shi. A nan rage tsawon wasan zuwa minti 40 ko 45 da neman barcin rana bayan azahar ya fi duk wata dabarar wanka amfani.

Mutum ɗaya ne zan ware da gargaɗi na daban, shi ne mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwayoyi irin su gilibenkilamaid. Tsokar da ta yi aiki tana ci gaba da zuƙar suga daga jini na awanni bayan an tsaya, saboda haka sugansa na iya faɗuwa ƙasa a tsakar dare yana barci. Alamunsa su ne farkawa cikin gumi mai sanyi, rawar jiki, mugun mafarki, ko ciwon kai da safe, abubuwan da a bazara ake saurin ɗora wa zafin gari. Irin wannan mutum ya auna sugansa kafin ya kwanta a daren da ya motsa jiki, ya ajiye abu mai zaƙi kusa da gado, kuma ya gaya wa likitansa lokacin da yake motsa jikin domin a daidaita masa maganin dare.